Tazarar Haɗari: Yadda Agogo Ɗaya Ya Ninka Abin da Hanyar Rediyo Ke Ɗauka

A ƙarshen shekarun 1960 Jami'ar Hawaii da ke Amurka tana da babbar kwamfuta ƙirar IBM 360 a harabarta ta Manoa, cikin birnin Honolulu, a tsibirin Oahu. Kwalejojin jami'ar kuwa ba wuri ɗaya suke ba, sun warwatsu a tsibirai, teku ya raba su. Mai son amfani da kwamfutar daga nesa sai ya bi ta layin tarho, ga tsada, ga shi kuma layin bai dace da aikin ba. Mutumin da ke zaune gaban madannai yakan rubuta layi ɗaya ya tura, ya jira amsa, ya yi tunani, sannan ya sake rubutawa. Yawancin lokacin layin a zaune yake ba ya ɗauke da komai, amma kuɗin haya na tafiya.

Norman Abramson, wani malamin injiniya a jami'ar, da abokin aikinsa Franklin Kuo da sauran tawagarsu, suka ce a gwada rediyo. Aka ba su zango biyu, ɗaya a kan megahaz 407.350, ɗaya a kan 413.475. Zango ɗaya na cibiya ne, ita kaɗai ke magana a kansa, duk tashoshi na sauraro, don haka babu rigima a can. Ɗayan kuma shi ne wanda dukan tashoshi za su bi su kai saƙonsu cibiya. A nan tambayar take: hanya ɗaya, masu magana da yawa, wa zai yi magana yaushe?

Amsar da aka saba bayarwa a lokacin ita ce a raba hanyar, kowace tasha a yanka mata nata kason, ko na zango ko na lokaci. Amma wannan ya mayar da mu ga ɓarnar layin tarho, domin kason wanda ke tunani zai zauna fanko alhali maƙwabcinsa na jira. Abramson ya zaɓi abin da mutane da yawa za su ɗauka ganganci ne. Ya ce kada a raba komai. Duk tashar da take da saƙo ta tura shi nan take. Idan ya isa lafiya, cibiya za ta aiko da shaidar karɓa ta ɗaya zangon. Idan tasha ta jira ba ta ji shaida ba, to saƙonta ya yi karo da na wani, sai ta dakata na wani ɗan lokaci da ta zaɓa ta hanyar ƙuri'a, ta sake turawa. Ƙuri'ar nan ba ado ba ce. Da tashoshi biyun da suka yi karo za su jira lokaci iri ɗaya, da sun sake karo, su sake, har abada.

Ya bayyana tsarin a wata takarda a 1970, kuma ALOHAnet ta fara aiki a watan Yunin 1971. Wannan shi ne ALOHA zalla.

Mai karatu zai iya cewa, me ya hana tasha ta kasa kunne tukuna, in ta ji wani na magana ta jira? A Hawaii tashoshin ba sa jin juna. Kunnensu yana kan zangon cibiya, bakinsu yana kan ɗayan, ga duwatsu da nisan teku a tsakani. Kowace tasha tana magana ne ba ta san abin da sauran ke yi ba, kuma duk lissafin da ke tafe a kan wannan rashin sanin aka gina shi.

Ƙunshi ɗaya, milisakan 73

Saƙo ba ya tafiya a barbaje, ana ɗaure shi ne a ƙunshi. Cikakken ƙunshin ALOHAnet yana ɗauke da haruffa 80, wato bit 640, sai bit 32 na kan saƙo mai faɗin daga ina ya fito, sai bit 16 sau biyu na binciken kuskure. Jimla bit 704. Hanyar tana tafiya da bit 9,600 a sakan ɗaya, saboda haka ƙunshi ɗaya yana cin kimanin milisakan 73 a iska, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Da za a jera ƙunsoshi bayan juna ba rata ba karo, da hanyar ta ɗauki kusan 13.6 a kowane sakan. Wannan shi ne ɗari bisa ɗari, kuma da shi za mu riƙa auna komai.

Yanzu a ce wata tasha a Hilo ta fara tura ƙunshinta a daidai milisakan 1,000 na agogonmu. Za ta gama a 1,073. Wa zai iya ɓata mata?

Na farko a bayyane yake. Duk tashar da ta fara tsakanin 1,000 da 1,073 ta faɗo a kan ƙunshin Hilo yana tafiya. Ko da a 1,070 ta fara, milisakan uku kacal suka haɗu, ɓarna ta riga ta auku. Bit kaɗan sun gurɓata, binciken kuskure a cibiya ba zai daidaita ba, sai a zubar da ƙunsoshin biyu gaba ɗaya. Ba a karɓar rabin ƙunshi.

Na biyu shi ne wanda ake yawan mantawa. A ce wata tasha a Maui ta riga ta fara a 930. Ƙunshinta zai ƙare a 1,003. Lokacin da Hilo ta buɗe baki a 1,000, wutsiyar ƙunshin Maui tana nan a iska, sai kan wannan ya ci wutsiyar wancan. Da Maui ta fara a 926 da ta gama a 999, kowa ya tsira. Ke nan haɗarin Hilo bai fara daga 1,000 ba, ya fara tun daga 927.

Daga 927 zuwa 1,073 milisakan 146 ne. Ƙunshi mai tsawon 73 yana bukatar kada kowa ya fara magana na tsawon 146, ninki biyu na tsawonsa. Wannan ita ce tazarar haɗari, kuma wanda ya riƙe ta ya riƙe rabin labarin. Kamar siririyar gada ce mai ɗaukar mota ɗaya, tsallake ta minti ɗaya ne, ga hazo ya rufe ba mai ganin wani. Idan ka hau da ƙarfe goma sha biyu daidai, wanda ya hau a cikin mintin da ya wuce yana kai har yanzu, wanda zai hau a cikin minti mai zuwa kuma zai same ka a kai.

Abin da Roberts ya ƙara

A 1972 Lawrence Roberts, wanda ke jagorantar aikin ARPANET a lokacin, ya rubuta wata gajeriyar takarda yana duban yadda za a yi amfani da wannan dabara a hanyar tauraron ɗan adam. A can ma kasa kunne ba ya amfani, domin saƙo yana ɗaukar kusan rubu'in sakan kafin ya hau ya sauko, abin da ka ji yanzu tsohon labari ne. Shawararsa ƙanƙanuwa ce a baki. A yanka lokaci gurbi-gurbi, kowane gurbi tsawon ƙunshi ɗaya. Dukan tashoshi su bi agogo ɗaya. Kowa yana da 'yancin turawa a duk gurbin da ya ga dama, ba a ba kowa nasa ba, sharaɗi ɗaya ne kawai: ba a farawa sai a bakin gurbi. Wanda saƙonsa ya shirya a tsakiya ya riƙe shi har gurbi na gaba ya buɗe.

Mu koma ga Hilo. Gurabe suna buɗewa a 927, 1,000, 1,073, 1,146, haka dai. Hilo ta tura a gurbin 1,000. Tashar nan da saƙonta ya shirya a 1,070, wadda ɗazu ta ɓata mata da milisakan uku, yanzu dole ta jira 1,073, lokacin Hilo ta gama. Haka duk wadda ta shirya tsakanin 1,000 da 1,073. Wannan rabin haɗarin ya tafi ɗungurungum.

Maui fa, da ta shirya a 930? Ita ma za ta jira, amma gurbin da za ta jira shi ne na 1,000, gurbin Hilo. Za su fara tare, su gama tare, su lalace tare. Gurbi bai ceci Hilo daga Maui ba. Duk wadda ta shirya tsakanin 927 da 1,000 abokiyar karo ce har yanzu. Abin da ya canza shi ne tazarar ta koma milisakan 73 daga 146.

Akwai wata fuskar da ake iya kallon abin. A ALOHA zalla karo yakan zo a karkace, kan wannan a wutsiyar wancan, har ƙunsoshi biyu su cinye kusan milisakan 146 na hanya ba a amfana da komai ba, kuma na uku na iya kama wutsiyar na biyu ya ja ɓarnar gaba. A mai gurbi, karo ko dai cikakke ne ko babu shi. Tashoshi biyu ne suka haɗu ko biyar, gurbi ɗaya suka ɓata, na gaba yana farawa da tsabta.

Lissafin tashoshi goma

Rage tazara da rabi abu ne da ido ke gani. Amma me ya sa hakan zai zama ninki biyu na abin da hanya ke isarwa? Gara mu lissafa da ƙananan alƙaluma kafin mu je ga babbar ƙa'ida.

A ce tashoshi goma ne, kuma a cikin kowane milisakan 73 kowace tasha tana da damar ɗaya cikin goma ta tura ƙunshi, sabo ne ko maimaici. In an haɗa su, ana yunƙuri ɗaya ke nan a kowane tsawon ƙunshi, a matsakaici. A tsarin gurbi, ƙunshinka zai tsira idan sauran tara duk sun yi shiru a gurbinka. Damar shirun kowace ɗaya 0.9 ce. Ka ninka 0.9 da kanta sau tara, za ka sami 0.387. Ke nan a cikin gurabe ɗari an yi yunƙuri kusan ɗari, kusan 39 sun isa.

A tsarin zalla, tashoshin tara sai sun yi shiru na tsawon ƙunshi biyu, wato a ninka 0.9 sau goma sha takwas. Amsar 0.150 ce. Daga yunƙuri ɗari, 15 kawai suka isa. Lura cewa 15 bai kai rabin 39 ba. Ninka tazara ba raba damar tsira biyu yake yi ba, ninka ta yake da kanta, 0.387 sau 0.387.

To daga ina ninki biyun ya fito? Daga nan: tsarin zalla ba a wannan cunkoson yake yin iyakar ƙoƙarinsa ba, mun ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Mu rage wa tashoshin magana da rabi, kowace ta koma damar ɗaya cikin ashirin. Damar shiru ta zama 0.95, a ninka sau goma sha takwas, a sami 0.397. Damar tsira ta dawo kusan inda take a tsarin gurbi. Sai dai yanzu yunƙuri hamsin ake yi a lokacin da ɗazu ake yin ɗari, kuma 0.397 na hamsin kusan 20 ne. Ashirin a nan, talatin da tara a can.

Wannan shi ne zuciyar maganar, kuma a ganina shi ne abin da ya fi cancanta a tafi da shi. Idan kowane tsari yana kan ganiyarsa, damar tsirar ƙunshi ɗaya ce a duka biyun, ƙasa kaɗan da biyu cikin biyar. Gurbi bai sa ƙunshi ya fi samun sa'a a ganiya ba. Abin da ya yi shi ne ya bari a zuba wa hanya ninki biyu na yunƙuri kafin sa'ar ta faɗo zuwa wannan matakin.

Idan tashoshi suka yi yawa ƙwarai, kowace tana magana jefi-jefi ba tare da duban sauran ba, lissafin yana komawa ga ƙa'idoji biyu gajeru. G shi ne matsakaicin yawan yunƙuri a tsawon ƙunshi ɗaya, har da maimaici. S shi ne yawan waɗanda suka isa lafiya a wannan tsawon. Harafin e kuma wata sananniyar lamba ce a lissafi, kimanin 2.718.

```
Zalla:      S = G × e^(−2G)
Mai gurbi:  S = G × e^(−G)
```

Bambancin layukan biyu lamba 2 ce kawai, kuma wannan 2 ba wani abu ba ne illa tazarar haɗari: tsawon ƙunshi biyu a sama, ɗaya a ƙasa. Ɓangaren da ke da e shi ne damar kada kowa ya shigo cikin tazarar.

Ana iya gane inda ganiya take ba tare da zurfin lissafi ba. Idan ka ƙara yunƙuri da kashi ɗaya cikin ɗari, ka sami ribar kashi ɗaya cikin ɗari na ƙunsoshin da ke neman wucewa. Amma ka kuma ƙara masu kutse, damar tsira ta ragu, kuma yawan raguwar ya danganta da masu kutse nawa ake sa ran samu a cikin tazarar. In ba su kai ɗaya ba a matsakaici, riba ta fi asara, a ci gaba da ƙarawa. In sun wuce ɗaya, asara ta fi riba. Ganiya tana daidai inda ake sa ran mai kutse ɗaya a tazarar haɗari. A mai gurbi tazarar tsawon ƙunshi ɗaya ce, don haka G ya zama 1. A zalla tsawon biyu ce, don haka G ya zama 0.5. A duka biyun damar tsira ita ce 1/e, wato 0.368. Ninka ta da 1, ka sami kashi 36.8 cikin ɗari. Ninka ta da 0.5, ka sami kashi 18.4. Ninki biyun ba dace aka yi ba, kuma ba kusan biyu ba ne, biyu ne cif, domin tazarar rabi ce cif.

A hanyar Hawaii mai bit 9,600, kashi 18.4 yana nufin kimanin bit 1,770 a sakan, ƙunshi biyu da rabi daga cikin 13.6 da hanyar ke iya ɗauka. Da gurbi, kimanin bit 3,530, ƙunshi biyar. Wani zai raina ƙunshi biyu da rabi a sakan. Amma idan kowane mai rubutu yana tura layi ɗaya a rabin minti, layi biyu da rabi a sakan aikin mutum saba'in da biyar ne, a kan zango ɗaya, ba mai raba musu layi.

Ko a ganiyar tsarin gurbi ɓarna ba ta ƙare ba. Cikin gurabe ɗari, kusan 37 suna wucewa fanko ba wanda ya yi magana, 37 suna ɗauke da ƙunshi ɗaya lafiyayye, 26 kuma karo ne. Ba za ka iya cike fankon ba sai ka ƙara karo, ba za ka iya rage karon ba sai ka ƙara fanko.

Iyakar alƙawarin

Ninki biyun nan ganiya da ganiya aka gwada, kuma ana yawan ɗaukar sa fiye da abin da ya faɗa. Idan hanya ba cunkoso, gurbi kusan ba ya ƙara komai. A ce G ya tsaya a 0.05, yunƙuri biyar a tsawon ƙunshi ɗari. Zalla zai isar da 0.045, mai gurbi 0.048. Bambancin bai taka kara ya karya ba, kuma mai gurbi ya ɗora wa kowane saƙo jiran rabin gurbi a matsakaici, wanda a misalinmu milisakan 36 ne ko 37. Idan kuwa cunkoso ya yi tsanani, ratar ta wuce biyu nesa. A G na 2, zalla yana isar da 0.037, mai gurbi 0.271, fiye da ninki bakwai.

Sannan agogo ba kyauta ba ne. Tashoshi ba nisa ɗaya suke da cibiya ba, kuma igiyar rediyo tana cin kilomita 300 a milisakan ɗaya. Wanda ke nesa yana jin bugun agogo a makare, saƙonsa kuma ya iso a makare, sai wutsiyarsa ta zubo cikin gurbi na gaba. Maganin shi ne a bar ɗan fili a ƙarshen kowane gurbi, kuma wannan filin daga riba ake cire shi. Wayar salula ta GSM, irin wadda ta cika aljihun mutane daga Kano zuwa Damagaram, misali ce mai kyau. Lokacin da waya take son yin kira, ba ta da hanya tata tukuna, sai ta jefa ɗan gajeren saƙon neman izini a wata hanyar gama-gari da ke aiki da ALOHA mai gurbi. Gurbin yana da tsawon bit 156.25, amma saƙon bit 88 ne kawai, sauran 68.25 an bar su fanko. Dalili kuwa wayar ba ta san nisanta da turken sabis ba tukuna, kuma an tsara filin ya ishi zuwa da dawowar igiya har daga nisan kilomita 35. Sama da kashi biyu cikin biyar na gurbin ke nan aka sadaukar don agogo ya yi aiki. An yarda da wannan asarar ne domin saƙon neman izini ƙanƙane ne, da zarar turke ya amsa sai ya ba wayar hanya tata ita kaɗai, ya kuma gaya mata da wuri nawa za ta riƙa fara magana don ta faɗo daidai cikin gurbinta.

Akwai kuma batun tsawon ƙunshi. Lissafin ya ɗauka duk ƙunsoshi tsawonsu ɗaya, kowanne ya cika gurbinsa. Idan rabin saƙonnin gajeru ne, gurbi zai riƙa fita da rabin ciki fanko, ninki biyun ya zaizaye. Wannan da tsadar riƙe agogo suna cikin dalilan da suka sa har yau ake gina wasu hanyoyin a kan tsarin zalla. Ƙananan na'urorin LoRaWAN, masu auna ruwa ko wuta ko zafi da batir ɗaya na shekaru, sukan farka su tura saƙonsu su koma barci. Tsayawa sauraron agogo zai ci musu batir fiye da abin da karo jefi-jefi ke ci.

A ɗaya gefen, rediyo na gaske wani lokaci yakan fi lissafin sassauci. Idan ƙunsoshi biyu suka haɗu amma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi sosai, cibiya na iya kama mai ƙarfin ta karanta shi lafiya. Roberts da kansa ya yi lissafin wannan a takardarsa. Yana ɗaga jimlar abin da ke isa, amma tashar da ke kusa ce ke cin moriyarsa a kan ta nesa.

Bayan ganiya

Abin da ya fi damun masu gudanar da irin wannan hanya ba tsayin ganiyar ba ne, gangaren da ke bayanta ne. Ka tuna G ya haɗa da maimaici. Duk karo yana haifar da aƙalla yunƙuri biyu da za su dawo. A ce hanyar Hawaii tana tafiya lafiya, sai mutane da yawa suka tura layi a lokaci ɗaya, yunƙuri ya haura daga kusan bakwai a sakan, inda ganiyar zalla take, zuwa 13.6. Abin da ke isa zai sauko daga biyu da rabi zuwa kusan 1.8. Idan sababbin saƙonni suna shigowa biyu a sakan, to shiga ta fi fita, masu jiran maimaici suna taruwa, su ƙara yunƙuri. A yunƙuri 27 a sakan, rabin ƙunshi ne ke isa a sakan. Hanya cike take da ƙara, na'urori duk suna aiki, ba abin da ya lalace, amma saƙo ba ya wucewa, kuma ba za ta farfaɗo da kanta ba. Leonard Kleinrock da Simon Lam sun yi nazarin wannan rashin tsayuwa a tsakiyar shekarun 1970. Gurbi bai kawar da gangaren ba, ya dai matsar da bakinsa gaba, ya kuma rage masa tsanani.

Ana iya gane an wuce ganiya tun kafin a faɗa. A duka tsarin biyu, a ganiya kowane ƙunshi yana bukatar yunƙuri 2.7 a matsakaici kafin ya isa. Mai lura da hanya ya raba yawan yunƙuri da yawan shaidar karɓa. In amsar ba ta kai biyu ba, akwai sauran wuri. In ta haura uku, an tsallake ganiya, duk ƙarin magana ragi ne. Tsarin gurbi ya ba da wata alamar da ta fi wannan sauƙi, domin cibiya na iya ƙidaya guraben da suka wuce fanko. Muddin fanko ya fi kashi 37 cikin ɗari, ana gefen lafiya. Da ya sauka ƙasa da haka, lokaci ya yi da za a sa tashoshi su ja baya.

Ja da bayan kuwa da ƙuri'ar nan ake yin sa. A faɗaɗa tazarar da tasha ke zaɓen lokacin jiranta a ciki, sai maimaici ya bazu, G ya sauko. Robert Metcalfe, wanda ya yi nazarin ALOHAnet kafin ya tsara Ethernet a cibiyar binciken Xerox ta Palo Alto a 1973, ya sa wa tsarinsa dokar cewa duk karon da ya sake faruwa tasha ta faɗaɗa tazarar ƙuri'arta, abin da ya zauna a matsayin ninkawa sau biyu bayan kowane karo. Ya kuma ƙara kasa kunne kafin magana, wanda ke yiwuwa a gajeriyar waya ko da bai yiwu tsakanin tsibirai ba.

Na'urar da ke karanta tambarin RFID a ɗakin ajiyar kaya tana yin wannan gyaran ne a fili, daga nata ɓangaren. Ba ta san tambari nawa ne a gabanta ba. Sai ta sanar da wata lamba da ake kira Q, daga 0 zuwa 15, wadda ke nufin zagayen yana da gurabe 2 a ninke da kanta sau Q. Kowane tambari ya zaɓi gurbi ɗaya da ƙuri'a ya amsa a ciki. Idan kwali yana da tambari 60 aka sanar da Q na 4, gurabe 16 ne, kusan tambari huɗu a kowane gurbi, yawanci karo. Na'urar ta ga haka sai ta ɗaga Q. A Q na 6 gurabe 64 ne ga tambari 60, G ya kusa 1, kuma za a karanta kusan 24 a zagayen farko. Waɗanda aka karanta su yi shiru, saura 36, sai na'urar ta sauko da Q zuwa 5, gurabe 32, ta sake zagaye.